Sauyin Himogulobin Bayan Haihuwa da Dangantakarsa da Cutar Sikila

1.0 Gabatarwa

Jaririn da ya gaji cutar sikila, wato amosanin jini, yakan zo duniya garau, ba a ganin alamar ciwo a jikinsa sai bayan wata biyar ko shida. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, wanda ya ta'allaƙa ga sauyin da himogulobin ke yi bayan haihuwa.

2.0 Himogulobin Iri Biyu

Himogulobin shi ne sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. An gina shi da sarƙoƙi huɗu. Na manya, wanda ake rubutawa HbA, yana da sarƙar alfa biyu da sarƙar bita biyu. Na ɗan tayi, wato HbF, shi ma yana da alfa biyu, amma sarƙar gama ce a gurbin bita. Wannan bambanci ya sa HbF ya fi HbA riƙe oksijin, domin ɗan tayi ba ya shaƙar iska. Daga jinin uwa yake janyo ta ta hanyar mabiyiya.

Ranar haihuwa HbF yakan kai kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na himogulobin ɗin jariri. Tun gab da haihuwa jiki ya fara rage ƙera gama yana ƙara bita, sannu a hankali sababbin ƙwayoyi suna maye gurbin tsofaffi. Bayan wata shida HbF ya ragu ƙwarai, a jikin baligi lafiyayye kuwa bai cika kai kashi 1 ba.

3.0 Inda Sikila ta Shigo

Aibin sikila yana cikin sarƙar bita ne, ba a gama ba. Wanda ya gaji aibin daga uwa da uba, HbS jikinsa yake ƙerawa maimakon HbA. Da zarar HbS ya saki oksijin sai ya manne wa ɗan'uwansa, su yi dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Irin wannan ƙwaya tana toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. HbF ba ya shiga cikin waɗannan zaruruwa, hasali ma yana hana su haɗuwa. Likita Janet Watson ce ta lura da wannan kariya a Amurka a 1948, da ta ga ƙwayoyin jinin jarirai ba su cika lanƙwashewa ba.

A ɗauki misalin ma'aurata masu rukunin AS. Kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Idan aka gwada jinin irin wannan jariri a makonsa na farko, sakamakon zai nuna FS: HbF mai yawa, HbS kaɗan, babu HbA ko ɗis. Rashin HbA shi ne abin lura, domin ɗan'uwansa mai ɗauke da gadon kawai FAS zai nuna. Gwajin nan mai sauƙi da ke duban gurɓacewar ruwa idan an ɗiga jini kan yaudari mai gwaji a wannan lokaci, saboda ƙarancin HbS, haka nan ƙarin jini kafin gwaji yakan ɓoye gaskiya.

Yayin da HbF ke janyewa sai alamomi su fara fitowa: kumburin hannuwa da ƙafafu mai zafi, ɗashewar jiki, da lalacewar saifa, wadda ke buɗe ƙofa ga cututtuka masu kisa. Saboda haka watannin farko dama ce ta fara ba yaro fenisilin da rigakafi tun ciwo bai bayyana ba.

4.0 Komawa ga HbF a Matsayin Magani

Jiki bai rasa umarnin ƙera gama ba, rufe shi kawai ya yi. Maganin haidiroksiyuriya yana ɗaga HbF, kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi ga manya. An kuma gwada shi a Kano domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Amma yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka dole a riƙa auna jinin mai shansa.

A 2008 aka tabbatar cewa wani furotin mai suna BCL11A ne ke rufe gama. A 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin da ke raunana shi a ƙwayoyin ɓargo, sai dai tsadarsa da wahalar aikinsa sun taƙaita masu samunsa.

5.0 Kammalawa

A dunƙule, lafiyar da ake gani a jikin jariri mai SS aro ce daga HbF, ba shaidar kuɓuta ba. Gwajin da ya dace, a makonnin farko, shi ke bambance su.