Idan manhaja ta kasa buɗe bidiyo, me za a ba ta a madadinsa?

Masu amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira kan liƙa adireshin bidiyo, su nemi a taƙaita musu abin da ke ciki. Da yawa daga cikin manhajojin nan ba sa kallon bidiyon. Abin da suke iya samu daga adireshin bai wuce take da ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma idan shafin na neman a shiga da kalmar sirri, kamar yadda Facebook ke yawan yi, ko wannan ma ba sa samu. Da sauƙi idan manhajar ta ce ta kasa. Matsalar ita ce wani lokaci takan ɗauki taken kawai ta gina bayani mai daɗin karantawa a kansa. Ana gane haka ta hanyar neman ainihin kalmomin da aka faɗa a wani minti, sannan a gwada da bidiyon.

Mafita ita ce a mayar da bidiyon rubutu da hotuna, tunda su manhajar ke iya karantawa.

A ce wani ɗan kasuwa ya samu bidiyo mai minti uku a WhatsApp, ana cewa manyan motoci ne suka maƙale a gadar Ngueli, tsakanin Kuseri a Kamaru da Injamena a Chadi. Abin farko da zai tanada shi ne rubutun maganar da aka yi. A YouTube, idan bidiyo na da rubutun ƙasa, akwai maɓallin "Afficher la transcription" ko "Show transcript" a cikin bayaninsa, wanda ke fitar da maganar tare da lokacinta. Wannan na aiki sosai ga Faransanci da Turanci. Hausa kuwa sai a hankali. Manhajar Whisper ta lissafa ta cikin harsunanta, amma takan yi kurakurai da yawa, balle a bidiyon kan iyaka inda mutum ɗaya zai haɗa Hausa da Faransanci da Larabcin Chadi cikin jimla guda, ga kuma ƙarar injina. Ga bidiyon minti uku, rubutawa da hannu ya fi aminci.

Yadda aka rubuta shi ma yana da tasiri. Kowane layi ya fara da lokaci da mai magana, misali "01:20, mai ɗaukar bidiyo", sannan kalmominsa yadda ya faɗe su, ba tare da gyara ko fassara ba. Inda ba a ji ba, a rubuta cewa ba a ji ba. Duk kalmar da aka cike da zato, manhajar za ta ɗauke ta a matsayin gaskiya, musamman sunan gari da adadin kuɗi.

Sai hotuna. Bidiyon minti uku mai hoto 30 a kowace daƙiƙa na ɗauke da hotuna 5,400, kuma ba a buƙatar ko kashi ɗaya cikin ɗari. Mai kwamfuta zai iya cire hoto ɗaya duk daƙiƙa goma da ffmpeg:

```
ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vf fps=1/10 hoto_%03d.jpg
```

Wannan zai ba da hotuna wajen 18. Sai dai na'ura ba ta san inda hujja take ba, allon shago da ya bayyana na daƙiƙa biyu zai iya faɗawa tsakanin hotuna biyu ya wuce. Shi ya sa mai waya bai yi asara ba: ya tsayar da bidiyon a inda ya dace ya ɗauki hoton fuskar wayar. A misalin gadar, hotuna shida ko bakwai sun isa, wato lambar mota, allon da ke da rubutu, kakin jami'ai, da hoto ɗaya da ya nuna wurin gaba ɗaya. Kowanne a rubuta masa lokacinsa, domin a iya haɗa shi da maganar da aka yi a daidai wannan daƙiƙar. Idan rubutun allo ya dishe, domin WhatsApp na rage ingancin bidiyo, mutum ya rubuta abin da idonsa ya karanta. Kafin a tura, a rufe fuskokin mutanen da ba ruwansu da lambobin waya.

A ƙara da layi biyu ko uku kan inda bidiyon ya fito, ranar da aka same shi, da iƙirarin da ke tare da shi. Tambayar ma ta zama takamaimai: shin maganar da hotunan sun dace da wurin da aka ambata, kuma a wane minti?

Akwai abin da wannan hanya ba ta kamawa. Hoto tsayayye ba ya nuna ko an yanke wani sashe, ko muryar ta dace da motsin baki, kuma rubutu ba ya ɗauke da sautin wasa ko na fushi. Haka nan ko da gadar ce da gaske, bidiyon na iya zama na bara. Don gano wannan, sai a saka ɗaya daga cikin hotunan a Google Lens ko TinEye, a ga ko ya taɓa fitowa a intanet kafin ranar da ake iƙirari.