Kafin a gyara waƙafi, a duba ginin

Yawancin masu kai wa edita rubutu magana ɗaya suke yi: “A ɗan duba mini kurakurai.” Abin da suke nufi shi ne harafin da ya tsallake da waƙafin da ya ɓata hanya. Edita mai zaman kansa wanda ya san aikinsa ba ya kama wannan gyaran nan take. Sai ya karanta rubutun daga farko har ƙarshe bai taɓa komai ba, sannan ya aika da saƙo.

Mu ɗauka shugabar wata ƙungiyar mata ce ta aiko da rahoton shekara mai shafi 40, za a kai wa masu ba su tallafi. Ga irin saƙon da ya dace ta samu:

“Hajiya, barka da aiki. Na karanta rahoton. Shawarata mu bi shi hawa uku. Da farko tsari: abin da ƙungiya ta cim ma yana shafi na 28, ya kamata ya dawo gaba, kuma babi na biyu da na biyar kusan magana ɗaya suke yi. Idan kin amince da sabon tsarin, sai in bi shi jimla-jimla. Duban ƙarshe sai mai tsara shafuka ya gama nasa. Kowane hawa da kuɗinsa da ranar gama shi, kuma ba zan wuce gaba ba sai kin ce kin gamsu.”

Dalilin wannan jeri a fili yake. Da editan ya fara da goge jimloli, zai kwana yana gyara babi na biyar, daga baya a ce a haɗe shi da na biyu, rabinsa ya tafi kwandon shara. Hajiya ta biya kuɗin aikin da ba wanda zai karanta. Ba a yi wa bango fenti alhali ana shawarar rushe shi.

A hawan farko edita ba ya gyara kalma ko ɗaya. Yakan rubuta aikin kowane sashe a layi guda, ya jera layukan, ya duba. Nan maimaici ke bayyana, nan ake ganin giɓi: an ce an horar da mata sana'a amma ba a faɗi nawa ba, ko jimillar kuɗin da ke jadawali ta saɓa da wadda ke cikin bayani. Edita ba shi da ikon cike wannan giɓin, mai rubutun ce za ta koma kan takardunta. Shi ya sa wannan hawa ya fi cinye lokacin mai rubutu, kuma a ganina shi ne wanda bai kamata a yi wa gaggawa ba, ko da ranar miƙa rahoto ta matso.

A hawa na biyu ake rage doguwar jimla, a daidaita kalmomi. Idan an ce “mambobi” a shafi na 3, kada su koma “mahalarta” a shafi na 9 in dai mutanen ɗaya ne. A nan ake tsayar da ƙa'idar rubutu, a raba “shi ne”, a haɗe “yana”. Editoci da yawa suna kunna Track Changes a manhajar Word, don mai rubutu ta ga kowane canji, ta karɓa ko ta ƙi.

Duban ƙarshe a kan PDF ake yin sa, domin tsara shafuka yana haifar da nasa kurakurai. Wasu samfuran haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ɗan akwati ya fito a madadinsu, ko harafin ya fita daban da 'yan'uwansa. Ana kuma gwada lambobin shafi da jerin abubuwan da ke ciki, a tabbatar bayanin kowane hoto yana ƙarƙashin hotonsa. Idan aka ga mai duban ƙarshe yana sake gina jimloli, to hawa na biyu bai kammala ba.

Inda tsarin ya fi lalacewa shi ne idan mai rubutu ta aiko da sabon sashe bayan an tsara shafuka. Sakin layi biyu kawai na iya tura jadawali zuwa wani shafi, lambobi su goce, kuma sabon rubutun bai bi ta hawa biyun farko ba. Don haka saƙon editan ya kamata ya faɗa tun farko: sau nawa za a mayar da gyara a kowane hawa, da abin da za a biya idan an koma baya. Ga tallar shafi ɗaya, ana iya yin duka ukun a yini guda, amma a karanta sau uku daban-daban, da wannan jerin.