Uwargida Mai Sana'a: Kada Watan Bature Ya Ruɗe Ki a Littafin Oda

Idan kina cikin matan da ke suyar cincin, dubulan ko alkaki a cikin gida, masu biki da 'yan sari suna aiko miki da oda, to na san kina da ɗan littafin da kike rubuta wanda ya aiko da abin da ya nema. Na kuma san akwai ranar da kika duba shi, kika ga cinikin wannan wata bai kai rabin na bara ba, gabanki ya faɗi, har kika fara tunanin ko wata ce ta janye miki masu saye. Sau da yawa ba haka ba ne. Watannin da kika jera kusa da juna ne ba sa'o'in juna ba.

Bari mu ɗauki misali daga Jibiya ta Jihar Katsina, garin da ke bakin iyaka. Daga Magama in an tsallaka sai Ɗan Isa, sai Maradi, kuma aure da zumunci da ciniki sun daɗe suna kai da komo a wannan hanya. Matar da ke sana'a a irin wannan gari abubuwa da dama ne ke juya mata oda, shi ya sa misalinta zai amfani wadda ke Kano ko Zariya.

A ce wata baiwar Allah a Jibiya tana auna sana'arta da mudun fulawar da ta kwaɓa. A Afrilun 2024 ta kwaɓa mudu 70, a Afrilun 2025 kuwa mudu 25 kacal. Duk wadda ta ga wannan za ta ce sana'a ta mutu. Amma da ta waiwaya Maris, sai ta ga mudu 40 a 2024, mudu 95 a 2025, wato ya ninka har da ɗori. To wanne za ta gaskata?

Babu ko ɗaya. A 2024 an fara azumi a Nijeriya ranar 11 ga Maris, aka yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, saboda haka kwanakin ƙarshe na azumi, lokacin da kowane gida ke neman kayan Sallah, sun faɗo a cikin Afrilu. A 2025 kuwa an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30 ga Maris, Afrilu ya zo bayan an gama kashe kuɗi, aljihun maigida ya huce. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka kowace shekara Sallah na matsowa baya, tana ɗauke da cinikinta daga wannan wata zuwa wancan.

Abin da ya kamata ta yi shi ne ta bar sunan watan Bature, ta ƙirga daga ranar da aka ɗauki azumi zuwa jajibirin Sallah. Sai ta bi littafin layi-layi. A ce daga 11 zuwa 31 ga Maris 2024 ta samu mudu 32, daga 1 zuwa 9 ga Afrilu mudu 53, jimla 85 ke nan a Ramadan na 1445. A Ramadan na 1446, daga 1 zuwa 29 ga Maris 2025, ta samu mudu 93. Ashe ƙarin mudu 8 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma. Sana'a ba ta mutu ba, ba ta kuma ninka ba. Da ta yarda da lissafin Afrilu, da ta sallami yarinyar da ke taya ta murji. Da ta yarda da na Maris, da ta ci bashin buhunan fulawa da jarkokin mai, su zauna mata a ɗaki ƙwari na shiga. Wannan aikin ba zai yiwu ba sai in kowace oda tana da kwanan watanta, kuma ina ba ki shawara ki riƙa rubuta na Musulunci a gefen na Bature, ki tsaya a kan ranar da aka karɓi kaya, domin kuɗi kan iya zuwa bayan sati biyu.

Sai dai 'yar Jibiya ba ta gama ba tukuna, domin akwai maganar iyaka. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa. Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa ranar 13 ga Maris 2024, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan. Kin ga ke nan kwana goma sha ɗaya na farkon azumin 1445 sun wuce hanya ba ta gama buɗewa ba. Ƙila ƙarin mudu 8 ɗin nan ba sababbin masu saye ba ne, mutanen Maradi ne suka dawo. Hanyar ganewa ita ce ta sa alama a gaban kowace odar da ta fito daga tsallake, ta ƙirga su daban. In na cikin gari sun tsaya yadda suke, na tsallake ne suka ƙaru, to iyaka ce ta yi aikin. Ke da ba ki bakin iyaka ma, duk watan da wani abu ya tare hanya, ko kika yi jego, ko kika tafi jinya, rubuta shi a saman shafin, kada ki auna wata shekara da shi.

Ko a watannin da babu Sallah akwai wani ɗan tarko. Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, kuma mai sayar wa 'yan sari yawancin odarta a kan ranar kasuwa take rataye. Oktoban 2025 yana da kwana 31 amma Lahadi huɗu, Nuwamba kwana 30 amma Lahadi biyar. In ta kwaɓa mudu 32 a Oktoba, 40 a Nuwamba, sai ta raba kowanne da yawan kasuwanninsa, za ta ga mudu 8 ne a kowace kasuwa, babu abin da ya motsa.

Za ki lura tun ɗazu da mudu nake lissafi, ban ambaci naira ba. Tun daga tsakiyar 2023 da darajar naira ta faɗi, kuɗin fulawa da suga da mai suka tashi, kowa ta ƙara wa kayanta kuɗi. Mace za ta iya ganin kuɗin da ya shigo ya fi na bara, alhali robobin cincin da suka fita daga gidanta sun ragu. Mai karɓar sefa daga mutanen Nijar kuwa canji kaɗai ya isa ya kumbura mata lissafi. Ki ware wa mudu layinsa, kuɗi nasu layin.

Akwai kuma cinikin da ba ruwansa da watan Musulunci. Bukukuwan aure a ƙasar manoma sun fi yawa bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu, damina kuma kuɗi na gona. Irin wannan da watan Bature ake auna shi, Disamba da Disamba, Agusta da Agusta. Inda abin ke rikicewa shi ne in littafin ya tsufa: a 2012 azumi ya faɗo cikin Yuli da Agusta, tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, a 2025 kuma cikin bazara. Dukansu Ramadan ne, amma aljihun masu saye ba ɗaya ba ne. Saboda haka azumin bana da na bara ko na bara waccan za ki haɗa, wanda tazararsu ba ta wuce kimanin kwana 22 ba a lissafin rana.