Alamar ɗebewa da ta ɓace a hoton waya

Ɗaliban jami'a sun saba ɗaukar hoton allo ko takardar tambaya su tura wa juna ta waya. Abin da hoto ya fi cinyewa shi ne ƙananan alamomi: ɗan layin ɗebewa, ko ƙaramar lambar da ke kan harafi. Saboda haka kafin a fara komai, a buɗa hoton sosai, a kwafe tambayar da hannu. Ga wadda za mu warware:

dy/dx = −x/y, kuma y(3) = −4

Kashi na farko yana faɗin yadda y ke canzawa idan x ya ɗan motsa. Na biyu sharaɗi ne: lokacin da x yake 3, y yana −4.

Irin wannan lissafi yana rabuwa, wato ana iya tattara duk y a gefe guda, duk x a ɗaya gefen. Sai mu samu y dy = −x dx. Daga nan a yi wa kowane gefe intigireshan:

y²/2 = −x²/2 + C

Wannan C lamba ce da ba a san ta ba tukuna, kuma kowace ƙima aka ba ta, wata amsa ce daban. Sharaɗin ne zai tsayar da ita. Sa 3 a gurbin x, −4 a gurbin y: 8 = −4.5 + C, ke nan C = 12.5. Idan aka ninka komai sau biyu, za a samu x² + y² = 25, da'ira mai tazarar 5 daga tsakiya.

A nan da yawa suke ajiye biro, alhali da sauran aiki. Da'irar tana da rabin sama, inda y ya fi sifiri, da rabin ƙasa. Tunda y ɗinmu −4 ne, rabin ƙasa muke:

y = −√(25 − x²)

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: da a ce hoton ya dushe, mutum ya karanta 4 maimakon −4, C ɗinsa zai fito 12.5 daidai da na kowa, domin 4² da (−4)² duk 16 ne. Babu abin da zai ankarar da shi, sai dai ya ɗauki rabin sama ya faɗi tambayar.

Amsar kuma tana da iyaka. Tana aiki ne kawai idan x yana tsakanin −5 da 5, domin a waɗannan wurare biyu y yana zama sifiri, kuma ba a raba lamba da sifiri.

Don gwaji, a fitar da dy/dx daga amsar: x/√(25 − x²), wanda ya ba da 3/4 idan x = 3. Tambayar asali ma, −3 a raba da −4, ta ba da 3/4.