Ƙaramin Kyankyaso Ba Ɗan Babban Ba Ne

A gidan yayata a Kano, duk daren Juma'a ana rufe tagogin kicin a yi feshi. Washegari a share manyan kyankyasai jajaye biyu ko uku da suka kwanta rigingine, sai hankali ya kwanta. Amma ƙananan da ke watsewa da zarar an kunna fitila kullum ƙaruwa suke yi, har sun shiga durowar cokula. Ita kuwa Yaya abin da take cewa shi ne, “Iyayen dai suna mutuwa, 'ya'yan ne suka ƙi ƙarewa.”

Na danne ɗaya daga cikin ƙananan da bakin tsintsiya na ɗora mata a kan farar takarda, na ce, “Yaya, dubi bayansa. Me kika gani?” Ta sunkuya ta ce fukafukai. Nan maganar take. Kyankyaso ba ya fitar da fiffike sai ya gama girma. Ɗan babban jan nan, ko ya kai rabin yatsa, bayansa tsirara yake, gaɓa-gaɓa, babu abin da ya lulluɓe shi. Saboda haka ƙaramin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, amma fukafukansa sun rufe masa jiki, baligi ne mai haihuwa, kuma wani iri ne dabam. Kyankyasai iri biyu ne a gidan, kowanne da inda ya fito, ana ta yi musu magani ɗaya.

Babban shi ne wanda masana ke kira ɗan Amurka, ko da yake daga Afirka jiragen ruwa suka kai shi can. Tsawonsa ya kai santimita huɗu, launinsa ja mai duhu, kuma a kan ɗan garkuwar da ke bayan kansa akwai zobe ruwan ɗorawa. In zafin bazara ya tsananta yakan tashi sama. Mazauninsa masai ne da sokawe da kwata da lambatu, duk inda ke da laima da duhu da ɗumi. Macen tana ajiye kwanson ƙwanta, mai kama da ƙwayar wake baƙa-baƙa, a wani lungu cikin kwana ɗaya ko biyu, da ƙwai kamar 16 a ciki, kuma ɗan yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya girma. A yawancin gidaje baƙo ne: da dare yake shigowa neman abinci.

Ƙaramin shi ne ɗan Jamus. Sunan ya samo asali daga Carl Linnaeus, wanda ya raɗa masa shi a 1767, amma binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2024 ya nuna daga wani kyankyason yankin Indiya da Miyanma ya fito, kimanin shekara 2,100 da suka wuce. Bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, launinsa ƙasa-ƙasa mai haske, kuma alamarsa da ba ta ɓata ita ce zane baƙi guda biyu a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, a bayan kansa. 'Ya'yansa kusan baƙaƙe ne, da layi mai haske a tsakiyar baya. Ba ya tashi. Ba ya rayuwa a waje kuma, shi ɗan gida ne na haƙiƙa, inda mutum yake nan yake. Ba ta kwata yake zuwa ba, ɗauko shi ake yi: cikin kwalin kayan shago, cikin buhu, cikin injin firji na hannu. Da na tambayi Yaya yaushe ta fara ganinsu, sai ta yi shiru, sannan ta nuna firjin da aka sayo mata na hannu wata biyar da suka wuce.

Abin da ya sa wannan ƙaramin ya fi wuyar sha'ani yana jikin macen. Ba ta yar da kwanson ƙwanta. Tana jansa a gindinta kusan mako huɗu, sai ya kusa fashewa, kuma a cikinsa akwai ƙwai 30 zuwa 40. A yanayi mai ɗumi ɗan yakan balaga cikin wata biyu. Mai ɗauke da ƙwai kuwa ba ta cika fitowa ba, tana can maƙale cikin tsagar da ko katin waya da ƙyar zai shiga. Feshi yana samun wanda ya fito fili ne, ba ya ratsa kwanson ƙwai. Ga shi wannan iri, a ƙasashe da yawa, jikinsa ya saba da sinadaran da ke cikin gwangwanin feshi na kanti. Warin kuma korarsu yake yi, su bar kicin su bazu zuwa falo da ɗakin kwana. Abin da Yaya ke yi duk Juma'a ke nan ba ta sani ba: tana kashe baƙin da za a sake samun wasunsu gobe, tana rarraba 'yan gidan.

Ba mu sayi ko wane magani ba a makon farko. Tarko mai danƙo muka sayo, irin kwalin nan da ake shafa wa gam, guda shida. Muka ajiye su jikin bango, domin kyankyaso gefe yake bi: bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, cikin kabad, a sito, biyu a banɗaki. Bayan dare uku kowane tarko ya ba da labarinsa. Na bayan firji ya cika da ƙanana, manya da 'ya'ya, har da mata masu jan kwanso, ga kashinsu a kusurwar kabad kamar an barbaɗa garin masoro. Na banɗaki manyan jajaye kaɗai ya kama, ba ɗa ko guda. Ma'anar wannan a fili take. Inda ka ga 'ya'ya, nan ake haihuwa. Inda ka ga manya zalla, hanya ce.

Ga ɗan Jamus, magani sai wanda zai ci. Ana sayar da shi cikin sirinji, mai kauri kamar man goge baki, abinci ne da aka gauraya da guba mai jinkirin kisa, irin su fifronil. Jinkirin da gangan ne. Wanda ya ci yana komawa maɓoya ya yi kashi ya mutu, ƙananan da ba sa fita su ci kashin da gawar, su ma su bi shi. Muka janye firjin, muka share ƙasansa, muka fitar da tarin kwalaye daga kicin muka ƙone. Sannan muka ɗiga maganin, kowane ɗigo bai fi ƙwayar shinkafa ba, a wurare da yawa: maƙalar ƙofar kabad, kusurwar durowa ta ciki, gefen injin firji, inda bututu ya shiga bango. Ɗigo ƙanana talatin sun fi guda uku manya, domin wannan ƙwaro ba ya nisa da maɓoyarsa. Duk a cikin tsaga, inda hannun yaro ba ya kai wa, nesa da abinci da kwanuka.

Sharaɗin da ya fi yi wa Yaya nauyi shi ne ajiye gwangwanin feshi. Ta ce, “To in na gan su fa, ƙanena, in zuba musu ido?” Na ce ta sa takalmi, amma feshi in ya taɓa ɗigon nan ba za su ƙara kusantarsa ba. Sharaɗi na biyu, kada kwano ya kwana ba a wanke ba, kuma a gyara famfon da ke ɗiga, don yunwa ta tura su ga abin da muka ajiye.

Bayan mako guda ake dubawa. In ɗigon ya ƙare, a ƙara, suna ci ke nan. In ya bushe ya yi tauri, wanda lokacin hunturu yake saurin yi, a kankare a sa sabo. In yana nan da laushinsa ba a taɓa ba alhali tarko na cika, ko dai an yi feshi a kusa, ko suna samun abin da ya fi shi, ko kuwa ba sa son wannan haɗin. Hakan na faruwa: a 1993 masana a Amurka suka ba da rahoton wasu 'yan Jamus da ke gudun gulukos, sukarin da ake sa wa a irin wannan magani. Shi ya sa ake sauya wani haɗin mai sinadari dabam, ko da yana aiki, bayan kamar wata uku. A gidan Yaya, mako na uku tarkon ya sake kama ƙananan 'ya'ya masu yawa, ta karaya. Ƙwan da aka riga aka ɗauka ne suka ƙyanƙyashe. Muka sabunta ɗigon, muka ci gaba har wata biyu, sai da tarko ya yi mako biyu fayau.

Babban ja kuwa aikin magini da mai gyaran famfo ne. Muka bi hanyarsa. Murfin sokawe ya tsage a gefe, aka cike da siminti. Bututun da ke fitar da wari aka ɗaure masa raga a baka. Makwararar banɗakin baƙi, da ba a shiga sai jefi-jefi, ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututunta ya ƙafe, ta zama buɗaɗɗiyar ƙofa daga rami zuwa ɗaki. Yanzu ana zuba mata buta guda duk mako, an kuma sa mata marfi mai ƙananan huji. Aka liƙa roba a ƙasan ƙofar baya. A gidan da ke da masai na rami, murfin da ya zauna daram shi ne rabin aikin.

Abu ɗaya nake roƙo a daina: tuttula fiya-fiya a masai ko yayyafa shi a ɗaki. Maganin gona ne mai ƙarfi, shaƙarsa a rufaffen wuri na cutar da mutum, musamman yara, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa barkatai a kasuwanni. In aka zuba a rami, waɗanda bai kashe ba fitowa suke yi tururu su nufi cikin gida.

Akwai na uku da ya kamata a sani, don ana rikita shi da ɗan Jamus. Girmansu kusan ɗaya, amma shi zanensa a kwance yake, ɗamara biyu masu haske da suka gitta bayansa, kuma namijin yana tashi. Bai damu da laima sosai ba, wuri busasshe mai ɗumi yake so, can sama: bayan agogon bango da hoto, saman wadirof, cikin talabijin. Macen liƙa kwansonta take yi a jikin katako. Shi ma maganin sirinji ne ke kama shi, sai dai wanda ya ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke zai jira a banza. A ɗakin kwana da falo ake sa wa, daga tsayin kafaɗa zuwa sama, a kuma juya kujeru da durowoyi a kankare kwanson da aka gani a murƙushe shi.