Kowace Naira Sau Biyu Take Shiga Littafi

A ce ka sari buhun sukari Naira 60,000, kuɗi hannu. A shafin kaya sai ka rubuta 60,000 a hagu, wato zare, domin kaya sun ƙaru. A shafin kuɗi kuma ka rubuta 60,000 a dama, wato kiredit, domin kuɗi sun fita.

Da ka sayar da buhun a 68,000, kuɗi sun shigo: 68,000 a hagun shafin kuɗi, 68,000 a daman shafin ciniki. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe, don buhun ya bar shago, dole a sauke shi: 60,000 a daman shafin kaya, 60,000 a hagun shafin tsadar abin da aka sayar. Ribarka 8,000 ke nan.

Ka tara hagu, ka tara dama, kowanne 188,000. In suka saɓa, akwai inda aka rubuta ɓangare ɗaya aka manta ɗayan.