Nawa Shafin Intanet Yake Ci a Shekara?

Mai shagon atamfa a Badawa da ke son buɗe shafin intanet yakan tambayi kuɗin ginawa kawai. Amma shafi haya ne, kuma biyansa yana zagayowa duk shekara.

Da farko akwai sunan shafin. Mai ƙarewa da .com.ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA, kuma da naira ake sabunta shi. Shi kuwa .com asalin farashinsa da dala ne, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗinsa yakan hau.

Sai ma'ajiyar da shafin yake zaune, wadda yawanci ta fi sunan tsada, kuma nan ne tarkon yake. Kamfanoni sukan yi rangwame a shekarar farko, a ta biyu su koma cikakken farashi. Farashin sabuntawa za ka nema, ba na talla ba. Mu ƙaddara suna ₦10,000 ne, ma'ajiya ₦4,000 a wata. Shekara ta kama ₦58,000. Ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, ya zama ₦62,350, tun ba a biya wanda zai riƙa kula da shafin ba.

Takardar tsaro ta SSL kuwa, a ganina ƙaramin shago bai kamata ya saye ta ba, tunda Let's Encrypt na bayarwa kyauta. Imel na kasuwanci ne abin lura, domin wasu kamfanonin kowane ma'aikaci kuɗinsa daban suke karɓa.

Rubuta ranar ƙarewar sunan. In ta wuce, shafi da imel duk sukan tsaya, kuma in aka yi jinkiri sosai, fanso sunan ya fi sabuntawa tsada.